Alat Biyu a Kan Oda Ɗaya: Riƙo Ne, Ko An Cire Sau Biyu?

Saƙon da banki ke turo maka a waya ba ya isa ya zama shaidar cewa kuɗi sun bar asusunka. Na san maganar tana da wuyar haɗiya ga wanda ya yi oda guda ta intanet, ya biya da katinsa, sannan ya ga alat biyu masu kuɗi kusan iri ɗaya. Ransa ya riga ya ɓaci, ya riga ya yanke hukunci cewa an cuce shi. Wani lokacin gaskiyarsa ce. Wani lokacin kuma ɗaya daga cikin biyun riƙo ne kawai, kuɗin suna nan cikin asusunsa an ɗaure su, kuma za a sake su. Abubuwa biyun nan a fuska kamarsu ɗaya, amma maganinsu ya sha bamban: ɗaya yana warwarewa da kansa in an jira, ɗayan kuwa jira ne ke kashe shi, domin akwai wa'adin da in ya wuce ba a karɓar ƙorafi. Abin da ke damuna shi ne, amsa guda ake ba mutane a kan duka biyun: "Ka yi haƙuri, Malam, zai yi ribas da kansa." Ba zan yarda da wannan amsa ba sai wanda ya bayar da ita ya fara duba wanne ne a cikin biyun. Kuma mai asusun da kansa zai iya dubawa, ba tare da ya taka ƙofar banki ba.

Biya da kati, musamman Visa ko Mastercard a shagon intanet, yakan zo ne a mataki biyu. A mataki na farko shagon yana tambayar bankinka: wannan katin na gaske ne, kuma akwai kuɗi kaza a bayansa? In banki ya amsa da eh, sai ya ba shagon wata lambar amincewa mai harafi ko lamba 6, ya kuma ware adadin kuɗin nan a cikin asusunka don kada ka kashe su a wani wuri. Har zuwa nan ko sisi bai tafi ba. Mataki na biyu shi ne lokacin da shagon ya aiko da buƙatar a ba shi kuɗin da aka yi masa alkawari. Yana iya yin haka bayan 'yan awoyi, yana iya bari sai bayan kwanaki. Manyan shaguna irin su Amazon ba sa karɓar kuɗin kaya sai lokacin da suka tashi aika shi. A wannan mataki na biyu ne kuɗin ke fita da gaske, a rubuta su cikin bayanin asusu.

Duk wanda ya san kasuwar hatsi ta Dawanau ya san wannan tsari ko da bai taɓa riƙe kati ba. Mai saye ya zo ya daidaita da kai, ya sa wa buhu goma alama, ya ce gobe zai turo mota. Buhunan suna nan a shagonka, in ka ƙirga kayanka da su za ka ƙirga, amma ba ka da ikon sayar wa wani da su. In motar ta zo ta kwashe waɗannan goman, lissafi ya daidaita. Matsala tana tasowa ne in yaran mota suka ɗebi wasu buhu goma daban, suka bar masu alamar a jingine. A ranar za ka ga kamar buhu ashirin ne suka fita daga hannunka, alhali goma ne suka tafi, goma kuma suna jiran a goge musu alama.

Shi ya sa asusun banki yake da jimilla biyu, ko da yake yawancinmu ɗaya muka sani. Ta farko ita ce wadda ake rubuta wa `Ledger Balance`, wasu bankunan su rubuta `Book Balance`: duk abin da ke cikin asusun bisa littafin banki. Ta biyu ita ce `Available Balance`: abin da za ka iya taɓawa yanzu, bayan an cire duk abin da aka ɗaure. Ta biyun ce ke fitowa da manyan lambobi a fuskar manhaja, ita ce kuma galibi ke zuwa a ƙarshen alat. Riƙo yana rage ta biyu kawai. Cirar gaske tana rage duka biyun. Kusan duk abin da zan faɗa nan gaba a kan wannan bambanci ya tsaya.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Tun tsakiyar 2025 wasu bankunan Najeriya suka dawo da damar biyan kuɗin waje da katin naira bayan shekarun da aka rufe ta, don haka irin wannan lamari ya sake zama ruwan dare. Mu ƙaddara wata tela ce a Kano, tana da naira 400,000 a asusunta. Ranar Litinin ta yi odar kayan gyaran keken ɗinki na dala 90 daga wani shago a ƙasar waje. Mu ƙaddara farashin dala a bankinta ranar naira 1,500 ne. Nan take alat ya shigo na naira 135,000, abin da za ta iya taɓawa ya koma 265,000. Ba ta damu ba, ta san ta yi sayayya. Ranar Juma'a shagon ya aiko mata da saƙo cewa kaya sun tashi, sai ga wani alat ɗin na naira 136,800, saboda a ranar dala ta koma 1,520. Ta buɗe manhaja ta ga 128,200. A lissafinta kamata ya yi ta ga sama da dubu ɗari biyu da sittin. Ba wanda zai ga laifinta in ta ce an cire sau biyu.

Abin da ya kamata ta fara yi shi ne ta bar kallon alat, ta nemo ɗaya jimillar. In ta samu `Ledger Balance` yana nuna 263,200, to labarin ya fito. Naira 400,000 a cire 136,800 shi ne 263,200, wato sau ɗaya aka ciri kuɗi. Tazarar da ke tsakanin 263,200 da 128,200 kuwa ita ce 135,000 daidai, adadin alat ɗin ranar Litinin. Riƙon farko ne bai saki ba. Abin da ya faru a bayan fage shi ne, ranar da shagon zai aika kaya ya nemi sabuwar amincewa daga banki, ya karɓi kuɗinsa a kanta, ya bar ta farkon a rataye bai soke ta ba. Bankin kuma bai ga abin da zai haɗa cirar Juma'a da riƙon Litinin ba, tunda lambobin amincewarsu daban, sai ya bar riƙon yana jiran mai shi.

Yanzu mu juya lamarin. Da a ce shagon ya aiko da buƙatar kuɗin sau biyu a ranar Juma'a, kuma an biya duka, riƙon Litinin kuma ya saki, da an cire 136,800 sau biyu, wato 273,600, a bar mata 126,400. A duba yadda lambobin nan biyu suke kusa: 128,200 in riƙo ne, 126,400 in cira biyu ce. Naira 1,800 kacal ke tsakaninsu. Wanda ya tsaya a kan jimillar da ke fuskar manhaja ba yadda za a yi ya bambance. Amma in cira biyu ce, jimilla biyun za su yi daidai da juna, duka 126,400, babu tazara, domin babu abin da aka ɗaure, an kwashe ne. Tazara tana nufin kuɗinki suna gida. Rashin tazara tare da giɓi a lissafi yana nufin sun fita.

Akwai ƙaramin abin lura a nan. Tazarar ba koyaushe take fitowa cif-cif ba, saboda wasu asusun suna da ɗan abin da banki ke ajiyewa ba a taɓawa, ko kuma akwai wani riƙon daban na wata sayayya. Ba komai. Abin nema shi ne ko adadin da ake zargi yana cikin tazarar.

Abu na biyu da za ta duba shi ne bayanin asusu, abin da manhaja ke kira `Statement`, wanda ake saukewa ko a turo ta imel. Ba jerin sanarwar da ke fitowa a fuskar waya nake nufi ba, domin wannan jerin yakan cakuɗa wanda aka kammala da wanda yake rataye, wani lokacin da 'yar kalma `Pending` a gefe da ƙananan haruffa, wani lokacin babu ko ita. Bayanin asusu kuwa abin da aka kammala kaɗai yake ɗauka. Telar nan ta sauke na wannan makon, ta nemi sunan shagon, ta ƙirga layukan da ke ɓangaren cira. Sannan ta duba ɓangaren shiga, domin wasu bankunan namu ba sa ɗaure kuɗi, cirewa suke yi kai tsaye tun a matakin farko, daga baya su mayar, su sake cire na gaskiyar. A irin wannan banki za ta ga layi uku: cirar 135,000, mayarwar 135,000 mai ɗauke da alama irin `RVSL` ko `REV`, sai cirar 136,800. Biyu a cire ɗaya, saura ɗaya. Mutane da yawa suna tsallake layin mayarwar saboda alat ɗinsa bai zo ba, ko ya zo cikin dare sun ɗauka wani abu ne daban.

Kafin a kai ga zargin kowa, akwai abu biyu da suke kama da cira biyu amma ba ita ba ce, kuma a wajen shagon ake gano su. Na ɗaya shi ne raba kaya. Da a ce odar dala 90 ɗin kaya biyu ce, ɗaya na dala 60 ɗaya na dala 30, aka aiko su daga rumbu daban-daban, shagon zai karɓi kuɗin kowanne ranar da ya tashi. Za ta ga 91,200 da 45,600 a bayanin asusu, in ta haɗa su 136,800 ne, kuɗin odarta. In riƙon farko yana nan a lokacin, alat uku ke nan a kan oda ɗaya, kuma ba a zalunce ta da ko kobo ba. Na biyu shi ne oda biyu. Shafi ya tsaya yana juyi bayan ka sa lambar sirrin da aka turo maka, ka ƙosa, ka koma baya ka sake dannawa. In ka duba imel ko jerin ododinka ka ga lambar oda biyu daban-daban, to sau biyu ka saya. Maganinsa ka soke ɗaya a shagon kafin a aiko ta. Banki ba shi da abin yi a nan, kuma in ka kai masa ƙara shagon zai nuna oda biyu ya yi nasara.

Sai dai duk wannan bayani na riƙo ya fi shafar sayayyar waje, da otal, da hayar mota. A nan cikin gida lamarin ya ɗan bambanta, kuma a nan ne ake yawan yi wa mutane rufa-rufa da kalmar "jira". Yawancin biyan da muke yi a na'urar POS, ko a shafin wani shago na gida, nan take ake cire kuɗin, babu wani matakin ɗaurewa. Ka sa kati za ka biya naira 48,500, na'ura ta yi ta tunani, ta fito da rasit mai `DECLINED`, sau da yawa da lamba `91`, wadda ke nufin ba a samu bankinka ko mahaɗar da ke tsakani ba a kan lokaci. Mai shago ya ce, "Alhaji, bai shiga ba, a sake sawa." Ka sake, ta fito da `APPROVED` da lamba `00`. Kafin ka kai bakin titi alat biyu sun shigo. In ka duba, jimilla biyun daidai suke da juna, bayanin asusu kuma yana nuna cira biyu. Wannan ba riƙo ba ne. Kuɗin sun fita sau biyu da gaske, amma mai shago ɗaya ya samu, ɗayan ya maƙale a hanya. Sau da yawa yakan dawo da kansa, amma ba bisa ganin dama ba: tun 8 ga Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya rage wa'adin warware irin wannan matsala ta POS da ta intanet daga kwana 5 zuwa awa 72. In awa 72 ta cika babu mayarwa, wanda ya ce maka ka ƙara haƙuri ya sauka daga kan ƙa'ida.

Rasit ɗin nan mai `DECLINED` shi ne babbar shaidarka, kuma shi ne mutane suka fi yarwa a bakin kanta. Takardarsa irin mai santsin nan ce da zafi ke rubuta wa. In ta kwana biyu a aljihun kaftani cikin zafin bazara, rubutun ya kan koɗe ya koma fari fat, ka buɗe ta a gaban ma'aikacin banki ba a ganin komai sai inuwar tambari. Ka ɗauki hotonta nan take, duka biyun, wadda ta shiga da wadda ba ta shiga ba. A jikin kowacce akwai layin `RRN`, lamba 12 ce, kuma kowane yunƙurin biya yana da tasa. Da ita banki ke bin sawun kuɗi. In ka je da ita ka ce wannan ce aka ƙi amma aka cire, ka rage wa kanka zirga-zirga. Akwai kuma yanayin da duka biyun suka shiga, na'urar ce kawai ta kasa fitar da rasit ɗin farko. Wannan mai shago zai gani in ya buɗe tarihin cinikin ranar a na'urarsa, kuma mai shagon kirki yakan mayar nan take ba sai an kai ga banki ba.

Kwanakin baya ina zaune a wani reshen banki ina jiran layi, wata baiwar Allah a gabana ta miƙa wayarta ta taga tana nuna alat biyu. Matashin da ke wajen ko allon da ke gabansa bai kalla ba, ya ce, "Hajiya, ki ba shi kwana bakwai na aiki, zai dawo." Ta tattara jakarta ta tafi. Mai yiwuwa ya dace da gaskiya. Amma a gabansa akwai allon da cikin minti guda zai nuna masa ko akwai ɗauri a asusunta, na nawa, na wane shago, yaushe zai ƙare. Da ya duba da ya gaya mata ɗaya daga cikin abu biyu: ko kuɗinki suna nan kuma ranar kaza za a sake su, ko an cire, ga fom ki cike yau. Bai duba ba, ita kuma ba ta san akwai abin dubawa ba. Wannan shi ne ainihin ƙorafina. Ilimin ba mai wuya ba ne, an dai bar shi a bayan gilashi.

To in an tabbatar riƙo ne, har yaushe za a jira? A ƙa'idar Mastercard amincewar sayayya ta yau da kullum tana da kwana 7, irin ta share fage kuwa, wadda otal-otal da masu hayar mota ke nema kafin a san jimillar ƙarshe, tana kaiwa kwana 30. Na Visa ma ba su yi nisa da haka ba. Telarmu ta fara ƙirga daga Litinin ɗin da aka ɗaure kuɗin, ba daga Juma'ar da ta gano ba. Kuma ba na cikin masu cewa riƙo ba komai ba ne tunda kuɗin za su dawo. Naira 135,000 a ɗaure mako guda, ga mai ƙaramin jari, yadi ne da ba a saro ba, ɗinki ne da ba a karɓa ba. Tana da haƙƙin ta nemi a gaggauta, amma ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Banki ba ya son sakin riƙo a kan maganar mai asusu kaɗai, domin ya riga ya yi wa shagon alkawarin kuɗin, in ya saki aka kashe su shagon ya zo nema, shi zai biya. Mai ikon kwancewa da sauri shi ne shagon. Ta rubuta musu, ta ba da lambar oda, da ranar riƙon, da adadinsa a dala, ta ce su soke amincewar farko da ba su yi amfani da ita ba. Ƙa'idojin kamfanonin katin sun ɗora wa shago yin hakan tun asali. In sun ce sun riga sun soke, ta nemi su rubuto mata haka, ta kai wa bankinta.

Abin da bai kamata ta yi ba shi ne ta nemi shagon ya "mayar mata da kuɗi". Shagon zai duba littafinsa ya ga sau ɗaya ya karɓa, ya ce babu abin mayarwa, ita kuma ta ɗauka ƙarya yake yi. Ko kuma, abin da ya fi muni, ma'aikacin ya fahimce ta a baibai ya soke odar gaba ɗaya ya mayar da kuɗin gaskiyar, kaya su tsaya a hanya, riƙon kuma yana nan daram. Haka ma shigar da ƙarar cira biyu a banki a kan riƙo ɓata lokaci ne, domin ba a ƙalubalantar cinikin da ba a kammala ba.

In kuwa lissafi ya nuna cira biyu ce, layi biyu a bayanin asusu, babu mayarwa, oda ɗaya a shagon, to a ranar za a fara motsi. A fara da shagon, saboda ita ce hanya mafi sauri, kuma banki zai tambaya ko an yi hakan. A tura musu hoton layukan biyu, a rufe sauran bayanan asusun. A lokaci guda a sanar da banki a rubuce, a karɓi lambar ƙorafi. Tambaya guda da ke raba gardama ita ce a nemi bankin ya ba da `ARN` na kowace cira. Wannan lamba ce mai tsawon 23 da ake liƙa wa ciniki sai ya kai matakin biyan kuɗi na gaske. Riƙo ba shi da ita. In banki ya ba ka guda ɗaya ya ce ɗayan ba shi da ita, ka san riƙo ne. In ya ba ka biyu, ka tura wa shagon su biyun, ba shi da sauran hanyar cewa sau ɗaya ya karɓa. In shagon ya amsa ya ce ya mayar, ita ma mayarwar tana da tata lambar, ka karɓa ka ba bankinka ya bi sawu.

In shagon ya ƙi ko ya yi shiru, sai banki ya karɓo maka kuɗin ta hanyar kamfanin katin. Cira biyu a kan ciniki ɗaya sanannen nau'in ƙorafi ne mai lambarsa: 12.6 a Visa, 4834 a Mastercard. Wa'adinsa kwana 120 ne a Visa, kwana 90 a Mastercard, daga ranar da aka kammala cinikin. Kwana 90 kamar da yawa, amma duk wanda aka taɓa yi wa "dawo mako mai zuwa" sau uku ya san yadda suke zubewa, kuma shi kansa bankin yana buƙatar kwanakin da zai shirya takardu kafin wa'adin ya cika. Wannan ne dalilin da ya sa na ce jira yana kashe ƙorafin gaskiya. In bankin da kansa ne ya yi sakaci, tsarin Babban Banki shi ne a ba shi mako biyu, in bai warware ba a rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna ta `cpd@cbn.gov.ng`, tare da lambar ƙorafin da bankin ya bayar da kwafin shaidu.

Gargaɗi guda ba zan tsallake shi ba. Mutumin da ransa ya ɓaci yakan je shafin bankinsa a dandalin sada zumunta ya rubuta kukansa a fili, kuma cikin mintoci wani mai ɗauke da tambarin bankin zai aiko masa saƙo cewa zai taimaka. Sakin riƙo ko mayar da kuɗi ba ya buƙatar lambar sirrin katinka, ko lambobi ukun da ke bayansa, ko lambar da aka turo maka a waya. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu ɓarawo ne, kuma abin da zai kwashe ya fi wanda kake nema.

Na ɗora wa mai asusu aiki da yawa a wannan rubutu, kuma na san ba adalci ba ne a bar shi da shi kaɗai. Bankin da ke cajin mutum kuɗin kowane saƙon tes yana iya ƙara kalma ɗaya a cikin saƙon, a san wannan ɗauri ne, wancan cira ce. Yana iya sa jimilla biyun gefe da gefe a fuskar manhaja maimakon ɓoye ɗaya a can ciki, ya kuma buɗe shafi guda da ke jera duk abin da aka ɗaure a asusun, da sunan wanda ya ɗaure, da ranar da zai saki. Bayanan nan suna cikin na'urorinsu tuntuni, ma'aikatansu suna gani kullum. Ga dattijon da ke amfani da ƙaramar waya mai maɓallai, wanda ba shi da manhaja balle ya sauke bayanin asusu, saƙon tes ɗin nan shi ne duk abin da ya sani game da kuɗinsa. Babban Banki da ya iya gindaya awa 72 a 2020 zai iya gindaya cewa duk alat na riƙo ya faɗi cewa riƙo ne, ya kuma faɗi ranar ƙarewarsa, da Hausa ga wanda ya zaɓi Hausa. Kafin a kai nan, wanda ya je reshe da alat biyu ya nemi ma'aikacin ya buɗe allon ya karanta masa jimilla biyun, ya gaya masa ko akwai ɗauri da ranar da aka sa shi, in kuma babu, ya karɓi fom ɗin ƙorafi da lambarsa kafin ya bar tagar.